Abin da Baba Ya Faɗa a Malbaza

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma tun da aka yanka mini rago babana Labo bai taɓa kiran sunana ba. Ni ce "ke", ni ce "waccan", in ransa ya yi fari ni ce "yarinyag ga". Ƙannena duk suna da suna a bakinsa, har akuyar Inna tana da suna. A Tajaye kunyar ɗan fari ake ce wa wannan, kuma babu wanda yake ganin laifinta. Ni ma ban taɓa gani ba, sai da ta kusa cinye mini karatu.

Sunana Wasila. Na gama lisansi, wato digirin farko, a fannin noma a jami'a a Tawa, na dawo gida ina jiran abin da Allah zai yi. Cikin damina sai Madam Hassana, wadda ta duba mini kundin kammalawa, ta turo mini sanarwar wani tallafin karatu: masta a kan gyaran ƙasar noma, a wata makaranta a ƙasar waje, kuma yaran karkara da suka riga suka yi wani aiki a garinsu ake so. Ana buƙatar takardar shaida daga malamai biyu. Ba a hannu ake kai ta ba. Kai ne za ka sa sunan malami da imel ɗinsa a shafin masu tallafin, su kuma su tura masa hanyar da zai aika da kansa. In ƙarshen wata ya yi alhali ɗaya daga cikinsu ba ta shiga ba, ko buɗe sauran takardunka ba za a yi ba.

Madam ta aika tata tun da wuri. Don ta biyun kuwa, ta ce in nemi Dakta Mumuni Idrissa, wanda ya koya mana ilimin ƙasa a shekara ta biyu, kuma shi ya shugabanci zaman da na kare kundina. Ta gargaɗe ni a waya.

"Kada ki sa sunansa sai ya yarda. Kuma kada ki je masa hannu sake ki ce ya tuna ki. Ku nawa ne a ajin? Ki haɗa masa komai, yadda zai zauna ya rubuta ba tare da ya tashi neman wani abu ba."

Na je Badaguishiri ranar kasuwa na buga komai a shagon kwamfuta. Sanarwar tallafin, da ranar rufewa na ja mata layi. Takardar tarihin karatuna. Takardun maki na shekara uku. Taƙaitaccen bayanin kundina. A sama na sa shafi guda da ya fi ba ni wuya, inda na tuna masa darasin da ya koya mini da shekarar da makin da na samu, na ce ni ce ta biyu a ajinmu, na ce ni na haƙa tassa, wato ƙananan ramukan shuka masu tare ruwa, a fakon babana na gwada ɗanyen taki da wanda aka ruɓar a rami, na ce magidanta da dama a unguwarmu sun ɗauki dabarar. Kowane layi da "ni" ya fara. Ina rubutawa ina jin kamar wani yana leƙena ta bayan kafaɗa, amma babu ƙarya ko ɗaya a ciki.

Na tura masa duka ta imel tare da roƙon ya yarda. Shiru. Na sake turawa. Shiru. Jami'a tana hutu, aka ce mini yana gidansu a Malbaza. Na ce wa Inna zan je da kaina, kuma kuskurena ke nan da na faɗa a tsakar gida, inda Baba yake gyaran ƙotar fartanya.

"Ina za ta?" ya tambayi Inna, ni ina tsaye a gabansa.

Inna ta yi masa bayani. Ya ajiye ƙotar.

"Ɗiya mace ta tai zauren babban mutum ita ɗai, ta miƙa mishi buƙata awa ba ta da uba? In an ji a ce mi? Ni za ni."

"Baba, ba gaisuwa ba ce. Takardu ne, akwai bayanin da zai tambaya."

"Shaidar mutum aka biɗa ko? Wa yaf fi uba sanin ɗa nai?"

Wannan maganar gaskiya ce. Har wani daɗi na ji a raina, ni sakarya, wai yau Baba zai ɗauki lamarina a hannunsa ya kai wani gari. Na ba shi ambulan ɗin, na nuna masa shafin sama na ce shi ne za a fara miƙawa. Washegari ya sa rigar sallarsa, ya ɗaure zabbi biyu, ya hau kabu-kabu zuwa bakin kwalta.

Da la'asar ya dawo babu zabbi, fuskarsa a sake.

"Mutumin kirki na," in ji shi, yana gaya wa Inna. "Ya ba ni ruwa da hannu nai. Yac ce to."

Ban tsaya jin ƙari ba. Na hau tudun bayan gari inda waya take kamawa, na sa sunan Dakta da imel ɗinsa. A gaban sunan Madam an rubuta an karɓa. A gaban nasa an rubuta ana jira.

Haka ya zauna. Kullum da safe in hau tudu, kullum ana jira. Mako ya wuce, wani ya kama hanya, gero ya fara nuna a gona, wata yana ta raguwa. Na daina cin abinci sosai. Na zagi Dakta a raina zagin da ba zan iya rubutawa ba: ya ci zabbin talaka, ya ce to, ya koma ya kwanta.

Inna ce ta kasa jurewa. Wata hantsi ta aike ni ɗakin Baba in ɗauko mata buhu, ta ce in duba saman katanga, ƙarƙashin tsohon buzunsa. Babu buhu a wurin. Ambulan ɗina ne, ya yi ƙura, gara ta fara lasar gefensa.

Na same shi a inuwar bishiyar bedi a ƙofar gida, tare da amininsa Mushe Isma'il, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da ya yi ritaya (Mushe muke ce wa malaman boko a wajenmu). Ban gaishe su ba, abin da ban taɓa yi ba. Na ɗaga ambulan ɗin.

"Baba, me ka kai Malbaza?"

Bai ko razana ba. Ya dubi Mushe.

"Hwaɗa mata abin da kak karanta min."

Mushe ya gyara zama, ya ce shi dai an kawo masa takarda da Faransanci an ce ya juya ta da Hausa, ya juya. Baba ya karɓe maganar, kuma ga mamakina shi ne mai fushi.

"Ni niy yi kaza, ni niz zo ta biyu, ni nih haƙa, ni nik koya ma magidanta. Magidanta! Tanimun da yah haihi sa'arki, ke kik koya mishi noma? In ɗauki wagga takarda in miƙa ma malami, ya ce gidan Labo ba a koya ma ɗiya kunya? Kuma baki fa? Kina tallar kanki ga duniya, in an kama ki da baki wa za ya kwana bisa kanki? Na rufa miki asiri na."

"To me ka gaya masa?"

"Abin da uba ka hwaɗi. Nic ce yarinya ta, ba ta san komi ba, a taimaka mata don Allah."

Shekara uku ina kwana a kan tabarma a ɗakin haya da mutum huɗu, ina karatu da fitilar waya, don ubana ya sa rigar salla ya je ya shaida cewa ban san komai ba.

"Ka faɗa masa sunana?"

Baba ya kawar da kai ya dubi hanya. Mushe ya sa hannu ya rufe bakinsa, kafaɗunsa suna rawa. A lokacin na tsani Mushe fiye da kowa a duniya, domin shi ya san abin da takardar take nufi, ya karanta, ya yi shiru.

Da asuba na fita da ambulan ɗin, ban nemi izinin kowa ba. Kabu-kabu zuwa kwalta, mota zuwa Tsarnawa, wata motar zuwa Malbaza. Manyan motocin siminti suna ta wuce mu, ni kuwa ina ta shirya maganar da zan yi, ina rushewa. Gidan bai yi wuyar samu ba. Na tarar da Dakta a zaure da jallabiya, ya baje takardu a kan tabarma. Zabbin Baba suna yawo a tsakar gida, sun yi ƙiba.

Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi cikakken sunana, da shekarar da ya koya mini, da ranar da na kare kundi. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Wasila Labo. Saƙon masu tallafi ya shigo mini da wannan suna. Na ce wace ce wannan da ta sa ni shaida ba ta tambaye ni ba?"

Kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Na ce na rubuto masa sau biyu. Ya ce akwatin jami'a ba ya bin saƙonninsa ɗaya-ɗaya a hutu, na masu tallafin ma don ya zo a sama ne ya gan shi. Na ce kuma babana ya zo da kansa, daga Tajaye.

Dakta ya cire tabarau.

"Mai zabbi? Ke ce yarinyar?" Ya tafa hannu. "Baiwar Allah, mutumin nan ya zauna a nan tun hantsi har azahar. Na ce wace ɗalibar? Ya ce ta wajensa. Na ce sunanta? Ya dubi rufin zaure ya ce doguwa ce. Na ce shi sunansa fa, ko na gane ta nan? Ya ce Malam Labo, kuma ajin nan Labo uku ne a jerin suna. Na san kunyar ɗan fari, ni ma ɗan fari ne, amma ban taɓa ganin an kawo ta wurin neman shaida ba. Na ce to, ta rubuto mini bayani ko ta zo da kanta."

To ɗin ke nan. Baba ya ɗauko kan maganar ya baro jikinta a Malbaza.

Na miƙa masa ambulan ɗin. Ya karanta shafin sama a hankali, ya duba makin, ya buɗe sanarwar ya ga layin da na ja, ya gyaɗa kai.

"Da wannan ya iso ni tun farko, da tuni an wuce wurin. Na tuna ki yanzu. Ke ce kika yi mini gardama a kan zurfin rami." Ya juya kwamfutarsa ya nuna mini tambayoyin da aka turo masa. "Tun yaushe na san ki, kuma a matsayin me: ga shi kin ba ni. Ina kike a cikin sa'o'inki: ga maki. Waɗannan zan rubuta da daɗin rai. Matsalar ta uku ce. Suna so in faɗi abin da na sani game da amfanin aikinki ga mutanen garinku."

"Yana cikin shafin, Dakta."

"Yana ciki, da bakinki. Ni kundi na karanta, ban ga gona ba, kuma kundin ya tsaya a damina guda. Manomi ɗaya tak na taɓa gani daga Tajaye, shi ne mai gonar. Na tambaye shi ko ɗiyarsa ta yi wani aiki a gona. Kin san abin da ya ce? Ya ce 'yan ramu ne kika tona, wasan yara. Yanzu in sa hannu a kan cewa magidanta suna bin ki?"

"Kunya ce kawai! Kai ma ka ce ka san ta."

"Ina zaton kunya ce. Ba na sa hannu a kan zato. Zan iya rubuta cewa ɗalibar ta shaida mini kaza, amma masu karantawa sun san ma'anar wannan. Ko in bar wurin babu komai."

Na san abin da hakan yake nufi. Tallafin gaba ɗaya a kan wannan tambaya aka gina shi. Na zauna ina kallon zabbin, raina yana tafasa, na rasa wanda zan fi jin haushi, uban da ya ƙi faɗin gaskiya saboda mutunci ko malamin da ya ƙi rubuta ta saboda mutunci. Kowa yana tsaron nasa, ni ce a tsakiya da wata yana ƙare mini.

"To ka zo ka gani," na ce. Muryata ta fi ƙarfin yadda ake yi wa malami magana. "Geron yana tsaye, ba a yanka ba."

Ya ajiye shafin. Sannan ya ce jibi zai tafi Tawa taron shirin komawa aiki, zai ratse. Ya ce in kwashe zabbina, shi ba ya karɓar komai a kan takarda, ya rasa wanda zai mayar wa ne. Haka na koma Tajaye da zabbi biyu a cinya.

Baba bai yi mini magana ba da na dawo, ni ma ban yi masa ba. Ya ga zabbin, ya gane, ya shige ɗaki. Mushe na aika wa cewa tun da shi ya karanta takardar ya ɓata lamarin, shi zai fito da amininsa gona ranar da baƙo zai zo.

Dakta ya iso da hantsi, ya bar motarsa a bakin gari muka taka. Gonar tana kan fako, wurin da a da ko ciyawa ba ta fita, ƙasa mai tauri da ruwa yake gudu a kanta ya wuce. Na raba ta uku tun shekarar gwaji, kuma na ci gaba da rabon. Ɓangaren da babu rami, gero ya tsaya iya gwiwa. Na ramu da ɗanyen taki ya yi, amma da giɓi a wuraren da takin ya ƙone shuka lokacin da ruwa ya ɗauke. Na ramu da ruɓaɓɓen taki kuwa ya wuce kaina, zangarniya ta cika. Dakta ya durƙusa ya tona gindin shuka da yatsa, ya murza ƙasar, ya shinshina. Ya leƙa gonakin maƙwabta ya ga irin ramun. Baba yana tsaye gefe da Mushe, ya harɗe hannu a baya kamar gonar wani ce.

"Malam Labo," in ji Dakta, "wane ne ya tsara wannan?"

"Ikon Allah na."

"Haka ne. Amma wa ya raba gonar uku?"

"Yara dai, da wasansu."

Ga gero a gabansa ya fi shi tsawo, ga baƙo ya baro hanyarsa, ga ni tsaye, kuma har yanzu wasa ne. Na buɗe baki, Dakta ya ɗaga mini hannu. Ya rufe ɗan littafinsa ya sa a aljihu, ya karkaɗe gwiwa.

"To, aikin dai ya yi kyau, amma ban ga abin da zan jingina mata ba. Tassa ai tun zamanin poroje na raya karkara ake yin ta a ƙasar Illela, kowa ya iya. Ina jin wani ma'aikacin gona ne ya zo ya nuna muku ruɓar da taki, ita kuma ta rubuta a kundi. Ɗalibai suna yin haka."

Har yau ban san ko da gaske yake ba ko gwada Baba yake yi. Ban tambaye shi ba.

"Wane ma'aikaci?"

Muryar Baba ce, amma ba wadda ya yi magana da ita ɗazu ba. Ya saki hannuwansa ya matso.

"Wane ma'aikaci yat taɓa taka wanga fako? Shekara nawa muna zuba ɗanyen taki cikin ramu shina ƙone muna shuka, muna cewa rabo na? Wa yaz zo? Cikin bazara, rana na dahwa ƙwaƙwalwa, diga taɗ ɗauka tana sara har hannunta yah hwashe, uwatta na ɗaure mata da tsumma. Ramin taki ga shi can, jaki tak kora tana jido ruwa daga rijiya tana zuba mishi, mutane na dariya suna cewa ɗiyal Labo ta yi lakwal ta dawo tana ba kashin shanu ruwa. Da kaka ba ta yarda munka ƙilga dami ba, sai da tac ciwo sikelin mahauta taz zauna tana auna tsaba kwano-kwano. Tanimun da yaf fi kowa dariya, shi yaf fara zuwa da dare... da rana tsaka, gaban jama'a, shina tambayar kwana nawa taki ka yi cikin rami. Mas'udu ya bi, Liman ya bi, je ka gonakkinsu ka gani in ƙarya nika yi! Ka zo garinmu ka tsaya cikin gonata ka ba wani ƙato aikin da bai yi ba? Wasila ta yi shi! Wasila, ita ɗai!"

Mushe ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Baba ya tsaya da baki a buɗe, ya ji abin da ya fita daga cikinsa. Sai ya juya ya kutsa cikin gero, ya tafi can ƙarshen gona ya duƙa yana cire ciyawar da babu ita.

Ban taɓa sanin yadda sunana yake a bakinsa ba. Yana jan tsakiyarsa, kamar yadda kakata take yi. Kuma duk ya gani ashe. Tsumman, da jakin, da sikelin, duk yana riƙe da su, ya bar ni shekara da shekaru ina zaton bai ko lura ba. Hawaye suka zo mini, kuma rabinsu na haushi ne.

Dakta ya riga ya fito da littafinsa yana rubutu da sauri. Ya tambaye ni nauyin da na samu a kowane ɓangare a damina ta biyu, na faɗa masa. Ya sa Mushe ya raka shi gonar Tanimun, suka same shi a ciki, suka yi magana. Da zai shiga mota ya ce mini in ya isa Tawa zai rubuta ya aika, kuma ba zan ga abin da ya rubuta ba, haka ƙa'idar take. Ya ce nan gaba in ina neman shaida in zo da ƙafata, in bar dattawa su huta.

Washegari da hantsi na hau tudu. A gaban sunan Dakta Mumuni Idrissa an rubuta an karɓa. Na zauna a kan dutse na tura masa godiya, na tura wa Madam Hassana, na sauko.

Da yamma Baba yana kan tabarmarsa a tsakar gida, Inna tana daka, ƙannena mata biyu suna tsintar wake. Tun gona bai yarda mun haɗa ido ba. Ya yi gyaran murya.

"Ke, kawo min ruwa."

Ban tashi ba.

"Akwai ke da yawa a gidan nan, Baba. Wacce?"

Taɓaryar Inna ta tsaya a sama. Ƙannena suka daina tsinta. Ban taɓa yi masa haka ba, amma na riga na ji sunan sau biyu a gaban baƙo, ina so in ji shi sau ɗaya a gida.

Baba ya dube ni, ya dubi randa. Ya motsa baki. Sannan ya dafa ƙasa ya miƙe, mutumin da ban taɓa ganin ya taɓa moɗa da hannunsa ba, ya taka har gindin randa ya ɗebo ya sha a tsaye. Wato ya gwammace ya yi aikin yara a gaban iyalinsa da ya sake faɗa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na juya masa baya.

Na ji ya sake tsoma moɗar. Na ji takunsa. Ya ajiye ta cike a gefen ƙafata, ya sa takalminsa ya fita masallaci tun ba a kira salla ba.